An canza min madabod, yanzu kwamfuta na neman lamba 48

Babayo Tudun Hatsi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman taimako cikin gaggawa. Ni ke riƙe wa maigidana lissafi a kasuwar hatsi, kuma komai na cikin laftof ɗina: buhunan masara da wake da riɗi da suka shiga sito, waɗanda suka fita, da sunayen masu bashi na shekara uku. Sati biyu da suka wuce na jona ta a caji da janareto, sai na ji ƙauri, ta mutu. Mai gyara ya ce madabod ɗin ne ya ƙone, ya sa aka kawo wani daga Kano ya ɗaura. Yau ta kama, amma ba ta shiga Windows. Shuɗin allo take nunawa, a sama an rubuta BitLocker, ƙasa kuma "Enter the recovery key for this drive". Ni ban taɓa sa mata wani makulli ba. Mai gyaran ya ce mafita ɗaya ce, a yi mata fomat. Na ce ya dakata tukuna.

Abba Tunfure: Wa alaikumus salam. Juya ta ka duba ƙasanta ko wajen batir, akwai sitika mai lambobi. Shi take nema. In babu, ana sayar da shi, ba tsada.

Malama Asma'u: Abba, wancan na lasisin Windows ne, haruffa da lambobi 25. Wannan daban ne, lambobi ne zalla guda 48, rukuni takwas, kowane rukuni shida, kuma na wannan faifan ne, wato had dis ɗin da ke cikinta, shi kaɗai. Ba a sayar da shi a ko'ina. Malam Babayo, ka yi daidai da ka hana fomat. Abu biyu kafin komai. Kada kowa ya sake taɓa saitin BIOS, wato saitin bod da ake shiga kafin Windows ta tashi. Sannan tsohon madabod ɗin da ya ƙone, yana ina?

Babayo Tudun Hatsi: Yana wajen mai gyaran, Malama. Ya rage min kuɗi a kan zai riƙe shi ya riƙa cirar kaya.

Malama Asma'u: Kira shi yanzu, ka ce kada ya ciri ko ƙusa ɗaya a jikinsa. In ta kama ka mayar masa da ragin da ya yi maka, ka mayar. Zan faɗa maka dalili, amma fara kiran.

Ɗanjuma Mai Gyara: Ni dai a nawa aikin, abin da nake yi shi ne in cire had dis ɗin in sa a kes, in jona a wata kwamfutar, in kwashe wa mutum fayilolinsa, sannan in yi fomat. Shekara goma sha ina wannan. Ka kawo ta shago gobe da safe, minti talatin ne.

Malama Asma'u: Malam Ɗanjuma, wannan dabarar tana ci a faifan da ba a rufe ba. Wannan kuwa in ka jona shi, za ka ga hoton kwaɗo a kansa, ka danna, ya sake tambayarka lambobin nan 48. In ka ɗauko manhajar dawo da fayiloli ta bi faifan kaf, ba abin da za ta gani sai tarkace, domin duk abin da ke kai an rikiɗa rubutunsa. Makullin ba a bakin ƙofar Windows yake ba, a cikin bayanan kansu yake.

Ɗanjuma Mai Gyara: To ai na sha cire na Windows 11 ya buɗe min ba musu.

Malama Asma'u: Gaskiya ne, kuma za ka ci gaba da samun irinsu. Wasu ba a rufe su ba sam. Wasu an rufe, amma mai ita bai taɓa shiga da asusun Microsoft ba, to a wannan halin Windows na barin mabuɗin a fili a jikin faifan, tana jira. Ranar da aka shiga da asusun Microsoft mai ikon shugaba a kwamfutar, ranar take tura lambobi 48 ɗin can cikin asusun, ta ɗauke mabuɗin da ta bari a fili. Daga nan faifan ya kullu ke nan. Na Malam Babayo tunda har ya tambaya, ya wuce wannan matakin.

Babayo Tudun Hatsi: Na same shi, ya ce bai taɓa bod ɗin ba, yana cikin kwali. Amma Malama abin da ya ɗaure min kai, shekara guda da wani abu ina kunna ta ba ta taɓa tambayata komai ba sai lambar shiga guda huɗu. In a kulle take, wa ke buɗe mata kullum?

Malama Asma'u: Madabod ɗin ne ke buɗewa. A jikinsa akwai wata 'yar ma'ajiya da ake kira TPM, wani lokaci guntu ne daban, wani lokaci a cikin furosesa take. Ita aka damƙa wa mabuɗin. Duk sanda ka kunna, sai ta duba yadda kwamfutar ta tashi, ta gwada da yadda ta san ta ranar da aka ba ta amanar. In komai ya yi daidai, ta saki mabuɗin shiru, kai ba ka ma san an yi ba. Kamar mai gadin sito ne da ya san fuskarka da motarka, yana hango ka zai buɗe. Yanzu an kawo sabon bod, wato sabon mai gadi, wanda ba a taɓa ba shi mabuɗin ba. Faifan bai da hanyar gane cewa gyara aka yi. A wurinsa daidai yake da ɓarawo ya zare shi ya sa a wata kwamfutar, kuma don hana hakan aka yi BitLocker.

Shi ya sa na ce a adana tsohon. In lambar ta ɓace gaba ɗaya, hanya ɗaya da ta rage ita ce a farfaɗo da shi ko na awa ɗaya, a mayar masa da faifan. Sau da yawa in caji ya ƙona bod, ɓangaren wuta ne ke tafiya, TPM na nan lafiya. Amma wannan ajiye shi a gefe, mu fara neman lambar. A shuɗin allon akwai wurin da aka rubuta "Recovery key ID". In ba ka gani ba, danna Esc. Turo min haruffa takwas na farko kawai. Su ba sirri ba ne, sunan mabuɗin ne.

Babayo Tudun Hatsi: 7C41E9A2

Malama Asma'u: Madalla. A wayarka buɗe wannan, ka shiga da asusun Microsoft ɗinka:

```
aka.ms/myrecoverykey
```

Babayo Tudun Hatsi: Na shiga da imel ɗina. Ya ce babu wani mabuɗi da aka ɗora a wannan asusun. Innalillahi. Shi ke nan ko?

Malama Asma'u: A'a, kwantar da hankalinka. Wannan na nufin ba a naka aka ajiye ba, kuma hakan na yawan faruwa. Wa ya ɗora mata Windows? Wa ya fara saita ta, ya sa imel?

Babayo Tudun Hatsi: Ƙanena Sadiƙu ne. Da na saya ya ce Windows ɗin ciki ta tsufa, ya ɗora sabuwa ta 11 da filashi. Ni dai ya miƙo min ya ce ga lambar shiga. Yanzu yana bautar ƙasa a kudu.

Malama Asma'u: To ga inda za mu duba. Daga Windows 11 samfurin 24H2 da ya fito a 2024, Microsoft ta sassauta sharuɗɗan rufe faifai kai tsaye, don haka kwamfutoci da yawa da a da ba sa rufuwa da kansu, yanzu da an ɗora sabuwar Windows an shiga da asusu suke rufuwa, har masu Home. Ba a tambayar mutum. Mabuɗin na tafiya asusun wanda ya fara shiga. Sake duba shuɗin allon da kyau, sababbin Windows kan nuna ɗan alamar imel ɗin da aka ajiye mabuɗin a ciki. Ko ya nuna ko bai nuna ba, kira Sadiƙu.

Maman Walid: Sannunku. Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Tawa ma ta yi min haka watan jiya, kuma ni ba a canza min bod ba. Agogonta ne ke ta komawa baya, sai yaron maƙwabta ya canza ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo. Ana kunnawa sai ga shuɗin allo. Kwana biyu ban yi barci ba saboda sakamakon jarrabawar ɗalibaina na ciki. Daga baya wani malaminmu ya shiga BIOS ya taɓa wani abu, ta buɗe, ba a sa wata lamba ba. Ko Babayo ma a gwada masa haka?

Abba Tunfure: Ai Secure Boot ake kashewa. Na gani a wani bidiyo, kana kashe shi take wucewa.

Malama Asma'u: Abba, akasin haka ne. Kashe Secure Boot, wato tsaron da ke tantance abin da ke tayar da kwamfuta, na cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan allon a kwamfutar da take lafiya lau. Maman Walid, abin da ya faru da taki shi ne, da aka cire batirin, saitin BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani. Wataƙila Secure Boot ya mutu, ko TPM ta ɓuya, ko tsarin tashin ya sauya. TPM ɗinki na nan da mabuɗinta, kawai ta ga yanayin da ba ta sani ba ne ta ƙi saki. Da malamin ya mayar da saitin yadda yake, sai ta gane gida. Shi Malam Babayo TPM ɗin ce gaba ɗaya aka tafi da ita, ko a juya saiti sau ɗari ba abin da zai fito.

Kuma tunda maganar BIOS ta zo: akwai wani zaɓi a ciki, Clear TPM. Don Allah kada wanda ya danna shi yana neman mafita. Yana shafe abin da ke cikin ma'ajiyar, kuma ba ya dawowa. Wanda matsalarsa irin ta Maman Walid ce, mai sauƙi, in ya danna wannan ya mayar da ita irin ta Babayo, kuma shi ba tsohon bod a kwali.

Maman Walid: Ikon Allah. Ashe ba ƙaramar sa'a na yi ba. To yanzu ni ina zan ga tawa lambar? Ban san ma ina da ita ba.

Malama Asma'u: Tunda taki na buɗewa, ke abin mai sauƙi ne. Nemo Command Prompt, ki danna dama ki zaɓi Run as administrator, ki rubuta:

```
manage-bde -protectors -get C:
```

Ƙarƙashin Numerical Password za ki ga ID, sannan Password, lambobi 48 ɗin ke nan. Ki rubuta su a takarda da biro tare da haruffa takwas na farkon ID, ki ajiye inda kike ajiye takardun makaranta. Kada ki ajiye su a cikin kwamfutar kanta kaɗai.

Ɗanjuma Mai Gyara: To shi ma Babayo a shiga Command Prompt ta wajen gyaran Windows a buga wannan mana.

Malama Asma'u: Zai nuna masa ID kawai. Faifan da ke kulle ba ya nuna lambar. Da yana nunawa, ai kowane ɓarawo sai ya bi ta nan.

Hamma Yerima: Ni ina karantawa tun ɗazu raina na ɓaci, domin abin da ya cinye ni ke nan bara. Tokumbo na saya a hannun wani a Bauchi, da Windows ɗinta a kai, har da sunan wani Bature a wajen shiga, mai sayarwar ya ƙara min nawa sunan a gefe. Wata bakwai ina aiki da ita, zanen gidaje na mutane duk a ciki. Rana ɗaya ta sabunta BIOS da kanta, ta tashi da wannan allon. Na duba asusuna babu, na matata babu. Mai sayarwa ya ce shi a kwali aka kawo masa su guda ashirin. Na rubuta wa Microsoft ban samu komai ba. Ƙarshe fomat aka yi. Babayo, Allah Ya sa taka ta fi tawa, amma ka shirya zuciyarka.

Malama Asma'u: Allah Ya mayar da alheri, Hamma. Irin taka, mafi yawa kwamfutar wani kamfani ce a can, kuma mabuɗin na cikin rumbun ma'aikatarsu, sai mai kula da kwamfutocinsu ne zai iya fito da shi. Microsoft kuma sun faɗa a fili cewa ba sa iya ƙirƙiro mabuɗin da ya ɓata. Abin da ke min ciwo shi ne, a cikin watanni bakwai ɗin nan da tana buɗewa, umarnin da na ba Maman Walid zai iya nuna maka lambar, in sunan da aka ƙara maka na da ikon shugaba. Duk wanda ya sayi tokumbo da Windows ɗin wani a kai, ya kwashe abinsa ya sa a ɗora sabuwa tun ranar farko.

Wannan ma ya tuna min: ɗalibai da ma'aikata, in kun taɓa haɗa kwamfutarku da imel ɗin makaranta ko na ofis, mabuɗin na iya tafiya can. Nasu shafin daban ne:

```
aka.ms/aadrecoverykey
```

Hamma Yerima: Ni tun daga ranar duk kwamfutar da ta shigo hannuna kashe abin nake. Settings, Privacy & security, Device encryption, in kashe. Mu nan wa ke satar bayananmu? Ɓarawo kwamfutar yake so ya sayar. Amma wutar da ke ƙona bod kullum muna tare da ita.

Malama Asma'u: Ban ce ba ka da hujja ba. Kwamfutar tebur da ke ɗaki yara na kallo a kai, ni ma ba zan damu ba. Amma laftof irin ta Babayo da ke yawo a Keke Napep, da sunayen masu bashi da lambobin asusun banki da hoton katin shaida, in ta faɗa hannun wani a buɗe, minti talatin ɗin da Malam Ɗanjuma ya faɗa ya ishe shi ya kwashe komai, lambar shiga ba ta hana shi. Kai abin da ya cuce ka shi ne ba a nuna maka mabuɗin ba.

Hamma Yerima: To ai shi ne. Wanda ya kulle maka ɗaki bai faɗa maka ba, ya cuce ka ko da niyyarsa mai kyau ce. Mutum nawa a Gombe suka san da wannan lambar? Ni dai ban canza ra'ayi ba.

Ɗanjuma Mai Gyara: A nan ina bayan Hamma. Mu ake zagi. Mutum ya kawo kwamfuta a mace, ka tashe ta, ya ce kai ka sa mata makulli don ka ƙara cin kuɗinsa. Har ram na daina ƙara wa mutane sai sun yarda in ta kulle ba ruwana.

Malama Asma'u: Ƙarin ram shi kaɗai ba kasafai yake jawowa ba, Malam Ɗanjuma. Abin da na fi zargi shi ne cire batir da kuke yi kafin ku buɗe, wanda daidai ne a yi, amma a wasu laftof yana mayar da BIOS farko. Ka lura nan gaba, in agogo ya ɓace bayan aikin, to shi ne.

Babayo Tudun Hatsi: Jama'a na samu Sadiƙu! Sai da ya sha wahala, ya manta kalmar sirrin, aka turo masa lamba a tsohon layinsa, Allah Ya sa yana tare da shi. Ya ce mabuɗai uku ya gani a jere. Ya karanto min na sama na sa, ta ƙi. Ta ce bai yi daidai ba.

Malama Asma'u: Alhamdu lillahi, an kusa. Ba na sama ake ɗauka ba. Duk kwamfutar da ya taɓa saitawa da imel ɗinsa, da duk lokacin da aka sake ɗora Windows aka sake rufe faifan, sabon mabuɗi ne ke ƙaruwa, tsofaffin kuma ba sa gogewa da kansu. Ya duba layin Key ID, ya nemo wanda ya fara da 7C41E9A2. Kuma kada ya karanto maka ta baki, ya turo maka hoton kai kaɗai, ba a nan ba.

Babayo Tudun Hatsi: Na uku ne, na ƙasa. Ya turo hoto amma ya ɗan yi dishi-dishi. Na sa rukuni huɗu lafiya, a na biyar ta tsaya, ta ƙi karɓa. Na rubuta 318412.

Malama Asma'u: Akwai lambar da ka karanta ba daidai ba a wannan rukunin. Kowane rukuni na shida dole ya rabu da 11 ba saura, da haka take gane kuskuren rubutu. 318412 ba ya rabuwa. Faɗaɗa hoton, ka duba ko 1 ɗin nan na biyu 7 ne. 318472 ya rabu daidai, 28952 sau 11. Sauran rukunan kada ka rubuto su a nan.

Babayo Tudun Hatsi: Bakwai ne! Ta wuce! Ga tambarin Windows na juyawa. Allahu Akbar. Wallahi hannuna rawa yake.

Maman Walid: Alhamdu lillahi! Na taya ka murna, Malam Babayo.

Hamma Yerima: Barka, Babayo. Na ji daɗi ƙwarai.

Babayo Tudun Hatsi: Na gode. Amma ga wata kuma. Na zo wajen shiga, na sa lambata guda huɗu, ta ce PIN ɗin ba ya samuwa, wai in sake saita shi.

Malama Asma'u: Wannan ma aikin sabon bod ne, kada ka tsorata. PIN ɗin shi ma a tsohuwar TPM aka ɗaure shi. Tunda da asusun Sadiƙu aka buɗe kwamfutar, kalmar sirrin asusunsa za ka sa. Jona ta da intanet daga alamar da ke ƙasan allon ta dama, domin yanzu ya canza kalmar, kwamfutar kuma tsohuwar ta sani. Ya tsaya kusa da wayarsa, za a turo masa lambar tabbatarwa. Kana shiga, kafin ka buɗe komai, sa filashi ka kwafe fayilolin lissafin nan.

Babayo Tudun Hatsi: Na shiga, na kwafe a filashi biyu. Komai na nan, har lissafin ranar da ta mutu. Sai dai na kashe na sake kunnawa don in gwada, ta sake tambayar lambobi 48 ɗin. Haka zan riƙa yi kullum?

Malama Asma'u: A'a. Sabuwar TPM ce ba a damƙa wa mabuɗin ba tukuna. Fara danna Windows da R, ka rubuta tpm.msc, ka tabbatar ta ce a shirye take. Sannan a Command Prompt na shugaba:

```
manage-bde -protectors -disable C:
manage-bde -protectors -enable C:
```

Na farko na dakatar da kariyar, na biyu na mayar da ita bisa yadda kwamfutar take a yanzu. Sake kunnawa ka gani. In ta sake tambaya, sai a cire tsohuwar alaƙar a ƙulla sabuwa:

```
manage-bde -protectors -delete C: -type TPM
manage-bde -protectors -add C: -tpm
```

Ka rubuta shi daidai yadda yake, musamman -type TPM ɗin nan, domin shi ke nuna wanda za a cire, lambobi 48 ɗinka su tsaya yadda suke.

Babayo Tudun Hatsi: Biyun farko ba su yi ba, sai da na yi na biyun. Yanzu na kunna sau uku, tana shiga kai tsaye.

Ɗanjuma Mai Gyara: Malama, to mu masu gyara fa? In kwamfuta ta zo tana aiki, za a canza furosesa ko bod ko a sabunta BIOS, me zan yi tun farko? Kashe shi gaba ɗaya na ɗaukar awanni, kwastoma na tsaye a kaina.

Malama Asma'u: Ba sai ka kashe ba. Fara da wannan a gaban mai ita:

```
manage-bde -status C:
```

In ka ga Protection On, mai ita ya fito da lambarsa ya rubuta ya sa a aljihu, kai ba ka buƙatar ganinta. Sannan a dakatar:

```
manage-bde -protectors -disable C: -RebootCount 0
```

Wannan daƙiƙa kaɗan ne, domin ba ya warware rufin, mabuɗin kawai yake ajiyewa a fili a kan faifan. Sifilin nan shi ne muhimmi. In ba ka sa shi ba, kariyar na dawowa da kanta bayan kunnawa ɗaya, kai kuwa a gyara sai ka kunna sau biyar. Da sifili tana nan a dakace har sai an buga -enable. Amma ka gaya wa mai ita gaskiya, muddin tana dakace, duk wanda faifan ke hannunsa zai iya karanta shi. In an gama, a mayar a gabansa.

Ɗanjuma Mai Gyara: Wadda ta zo a mace kuma, irin ta Babayo?

Malama Asma'u: Ita ba abin da za ka iya dakatarwa. Kafin ka yi odar bod, ka ce mai ita ya buɗe shafin nan a wayarsa ya gani ko mabuɗin na nan. In babu, ka gaya masa canza bod zai dawo masa da kwamfuta amma ba lallai da bayanansa ba, ya zaɓa: a yi ƙoƙarin gyara tsohon, ko a canza. Kuma in kuna gyaran tsohon, ku yi hattara da sake rubuta guntun BIOS da fayil ɗin da aka sauko daga intanet. A kwamfutocin da TPM ɗinsu ba guntu ne daban ba, hakan na iya tafiya da abin da ta adana. Ku kwafi na asalin ku ajiye kafin ku rubuta komai.

Ɗanjuma Mai Gyara: Kwafin asali kam muna yi. Amma maganar gaskiya, gyaran bod da ya ƙone ba kowane ke tashi ba, wani sai an kai Kano, kuma kwastoma ba ya son biyan aikin da ba tabbas. Na dai ji, zan riƙa tambaya tukuna.

Abba Tunfure: Na buga status ɗin a tawa. Ta nuna Percentage Encrypted 100.0% amma Protection Off. Ina cikin matsala?

Malama Asma'u: Da asusun Microsoft kake shiga ko suna kawai?

Abba Tunfure: Suna kawai, ban taɓa sa imel ba.

Malama Asma'u: To taka ce mai jiran da na faɗa wa Malam Ɗanjuma ɗazu. Yau ba za ta tambaye ka komai ba, kuma ba ta kare ka daga kowa. Ranar da kai ko wani ya mayar da shigarta ta asusun Microsoft, ta kullu, mabuɗin ya tafi asusun mai imel ɗin. Ka yanke shawara da kanka tun yanzu: ko ka shiga da naka ka rubuta lambar, ko ka kashe kamar Hamma Yerima.

Hamma Yerima: Kashe, Abba.

Malama Asma'u: Shi da kwamfutarsa, Hamma. Malam Babayo, saura abu ɗaya a taka. Mabuɗin lissafin maigidanka har yanzu a asusun Sadiƙu yake, kuma asusun na rataye da tsohon layin da bai cika amfani da shi ba. In kamfanin waya ya rufe layin, an koma gidan jiya. Ka rubuta lambar a takarda yau, kwafi biyu.

Babayo Tudun Hatsi: Na rubuta, ɗaya na gida cikin takardun fili, ɗaya zan kai wa Alhaji ya sa a sef. Allah Ya saka da alheri, Malama, Ya ji ƙan mahaifa. Mayar da kwamfutar kan imel ɗina kuma sai Sadiƙu ya zo hutu, ba na son in taɓa abin da zai sake rufe ni ana tsakiyar kaka. Tsohon bod ɗin fa, in bar wa mai gyaran?

Malama Asma'u: Amin, na gode. Yi aiki da ita kwana biyu tukuna. In ba ta sake tambaya ba, kuma takardar na hannunka, bar masa.